Diski na waje ya ce «Accès refusé» a sabuwar kwamfuta: ina ne matsalar take?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da ɗan shagon ɗaukar hoto a Sabon Gari, nan Damagaram. Tsohuwar kwamfutata ta mutu, mai gyara ya ciro mini diskinta mai jiga 500 ya sa a ɗan akwatin USB. Na jona a sabuwar da na saya, mai Windows 10 na Faransanci, ya fito da harafin E. Dosiyen da na sa wa suna Aiki yana buɗewa, amma inda hotunan bukukuwan mutane suke, cikin Users\Studio, sai ya ce ba ni da izini. Na danna Continuer, ya yi ta tafiya har wuta ta ɗauke. Yanzu wasu na buɗewa, wasu «Accès refusé». Na buɗe asusu mai suna Studio a sabuwar, bai yi ba. Na mai da kaina Propriétaire, shi ma bai yi ba. Wani ya ce sai dai a yi format. Yaya zan yi?

Amsa: Barka dai ƙanena. Kada ka yarda a yi format ɗin nan, kuma daga yau ka daina danne-danne a cikin Sécurité sai ka karanta wannan har ƙarshe. Bisa abin da ka bayyana, hotunanka na nan yadda ka bar su. Diskin da ya lalace ba ya zaɓen dosiye ɗaya ya buɗe maka lami lafiya, ya hana ka na kusa da shi da sunan izini. Wannan zaɓen da ka gani aikin Windows ne, kuma yana da dalili.

Diskinka an tsara shi da NTFS, tsarin da Windows ke amfani da shi tun 1993. A NTFS kowane dosiye da kowane fayil yana ɗauke da ƴar takarda a jikinsa, wadda ke cewa wane ne mai shi, su wa aka yarda su karanta, su wa aka yarda su rubuta ko su goge. Takardar nan a kan diskin take, ba a cikin kwamfutar da ta mutu ba, shi ya sa ta biyo ka cikin akwatin USB. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba a rubuta sunan kowa a takardar. Lamba ake rubutawa. Duk asusun da aka buɗe a Windows ana ba shi doguwar lamba da ake kira SID, mai farawa da S-1-5-21, sai rukuni uku na lambobi da Windows ta ƙirƙira ranar da aka girka ta a wannan kwamfutar, sai ƴar lamba a ƙarshe, galibi 1001 ga asusun farko. Rukuni ukun nan na tsakiya ba sa zama ɗaya a kwamfutoci biyu da aka girka daban. Ko a kwamfuta guda, in aka sake girka Windows, sababbi ake samu.

Ka ɗauka mai gadi ne aka ba jerin lambobin katin ɗan ƙasa na waɗanda za su shiga gida. Ka zo ka ce sunanka Laminu, ya ce Laminu nawa ne a garin nan, kawo kati. Wannan ne ya sa asusun Studio da ka buɗe a sabuwar kwamfuta bai tsinana komai ba: suna ya zo ɗaya, lamba ta bambanta. Kana iya gani da idonka. Buɗe Invite de commandes ka rubuta:

```
whoami /user
```

Za ta nuna maka lambarka ta yanzu. Sannan ka danna dama a kan dosiyen Studio, Propriétés, Sécurité. In ta bari ka ga jerin, za ka tarar da wani mai suna Compte inconnu, da doguwar lamba a gabansa. Wannan baƙon da sabuwar kwamfuta ta ce ba ta sani ba, kai ne na da.

To me ya sa Aiki ke buɗewa? Domin ka ƙirƙire shi ne a bakin diskin, ya gaji izinin bakin diski, inda aka yarda wa duk wanda ya shiga Windows da asusu. Irin waɗannan rukunoni na gama-gari, su Utilisateurs, Utilisateurs authentifiés, Administrateurs, Tout le monde, lambarsu ɗaya ce a kowace kwamfutar Windows a duniya. Shi kuwa dosiyen Users\Studio, Windows da kanta ta yanke masa gadon nan ranar da ta buɗe asusun, ta bar uku kacal a takardarsa: Système, Administrateurs, da kai na da. An yi haka ne don kada yaron shago mai nasa asusu ya leƙa cikin naka.

A cikin ukun nan kuma mafitarka take. Administrateurs na nan a jerin, kuma lambar wannan rukuni, S-1-5-32-544, ba ta canzawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. In asusunka na yanzu na administrateur ne, kana da izinin shiga tun farko, ba tare da an taɓa komai ba. Abin da ya hana ka shi ne Windows ba ta barin administrateur ya yi yawo da cikakken ikonsa. Tana aje masa ikon a gefe, sai ya nema a fili. Tagar da kake buɗe dosiyoyi da ita tana aiki ne da ƙaramin iko, kamar na kowa. Da ta iso ƙofar Studio ta ga ba ka cikin jerin, sai ta kawo maka Continuer. Abin da Continuer ke yi shi ne ya bi fayil ɗaya bayan ɗaya yana ƙara sabuwar lambarka a takardar kowanne. A dosiyen da ke da dubban hotuna, ta igiyar USB, wannan aiki ne mai ɗaukar lokaci. Wuta ta ɗauke yana tsakiya, waɗanda ya riga ya rubuta wa suka buɗe, waɗanda bai kai gare su ba suka zauna yadda suke. Rabin-da-rabin da kake gani ke nan.

Saura maganar Propriétaire, inda kusan kowa ke tuntuɓe. Mallaka daban, izini daban. Zama mai dosiye ba ya buɗe maka shi. Abin da yake ba ka shi ne ikon ɗaukar alƙalami ka gyara takardar izini. Mai gadin nan har yanzu jerinsa yake dubawa, kuma sai ka rubuta kanka a ciki zai matsa maka. Kai ka karɓi alƙalamin, ba ka yi rubutun ba. Ina kuma zaton ba ka sa alama a «Remplacer le propriétaire des sous-conteneurs et des objets» ba, wato dosiyen sama kaɗai ka mallaka, na cikinsa suna hannun Compte inconnu.

Yanzu ga yadda ni zan yi in diskin nan yana kan teburina. Ba zan fara da gyaran izini ba. Zan fara da kwashe hotunan. Dalilina shi ne gyaran izini rubutu ne a kan diskin, sau dubbai, kuma diskin nan daga kwamfutar da ta mutu ya fito, ya sha zafin Damagaram da ƙurar hunturu na shekaru, ga shi an taɓa katse masa wuta yana tsakar rubutu. Kwafi kuwa karatu ne kawai. Hotunan bikin mutane ba a sake ɗaukarsu, don haka duk abin da zai taɓa kwafi ɗaya tilo da kake da shi sai ya jira a samu na biyu.

Kafin kwafin, ka saurari diskin na ɗan lokaci. In kana jin ƙas-ƙas yana maimaituwa, ko yana ɓacewa daga kwamfuta yana dawowa, canza igiya ka jona shi kai tsaye a jikin kwamfutar, ba ta abin raba USB ba, don sau da yawa wutar ce ba ta isarsa. In ƙarar ta ci gaba, ko ka ga saƙon da ke maganar «contrôle de redondance cyclique», ko Windows ta ce sai an yi format kafin a yi amfani da shi, to wannan ciwon diski ne, ba na izini ba. A nan ka cire shi, ka kai wa wanda ya san yadda ake kwafe diski gaba ɗaya zuwa wani diskin, kada ka gwada ko ɗaya daga abin da ke ƙasa. In kuwa shiru yake yana juyawa, mu ci gaba. Ka tabbata batirin kwamfutar a cike yake, tunda daga jikinta diskin ke shan wuta, kuma ka hana ta yin barci.

Nemo Invite de commandes, danna dama, zaɓi Exécuter en tant qu'administrateur. Wannan matakin shi ne neman cikakken ikon da na ambata, kuma in ka tsallake shi duk abin da ya biyo baya zai ƙi. Sai ka rubuta:

```
robocopy "E:\Users\Studio\Pictures" "C:\Ceto\Pictures" /E /B /XJ /R:1 /W:1 /TEE /LOG+:C:\ceto.txt
```

Ka lura na rubuta Users da Pictures, ba Utilisateurs da Images ba. Windows na Faransanci tana nuna maka sunayen da aka fassara a fuska, amma sunan gaskiya a kan diski na Turanci ne, haka Bureau sunansa Desktop. In ka rubuta na fuska za ta ce ba ta ga hanyar ba.

Kowane harafi a layin nan da aikinsa. /E na cewa a kwashe duk dosiyoyin ciki. /B na cewa a karanta da ikon mai ajiyar bayanai, ikon da ke wuce takardar izini ba tare da ya canza ta ba, don haka ko inda aka cire Administrateurs daga jerin zai shiga. /R:1 da /W:1 na cewa in fayil ya ƙi, a sake gwadawa sau ɗaya bayan daƙiƙa ɗaya a wuce. Kada ka bar su, domin in ba ka faɗa ba robocopy zai sake gwada fayil guda har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji, ka kwana kana zaton aiki yake. /XJ na hana shi bin wasu ƙofofin bogi da zan yi bayaninsu. Kuma robocopy, in ba ka umarce shi ba, ba ya kwaso takardar izini. Hotunan da suka sauka a C:\Ceto za su gaji izinin sabon wurinsu, su buɗe maka kamar kowane fayil. Abu ɗaya nake roƙonka: duk inda ka ga an ba da shawarar ƙara /MIR ko /MOVE, kada ka ƙara. Na farko yana goge abin da ke wurin saukar in babu shi a tushe, na biyu yana goge tushen bayan kwafi.

In wuta ta sake yin halinta, ba asara. Sake rubuta layin, zai tsallake waɗanda ya gama ya ɗora daga inda ya tsaya. In ya kammala zai nuna ɗan jadawali, ka duba ginshiƙin ÉCHEC. In sifiri ne a layin fayiloli, ka tsira. Ka maimaita wa Desktop, Documents, Videos da Downloads, kana canza sunan a wurare biyun. In sabuwar kwamfutar ba ta da wurin da zai ɗauke su, ka ari wani diski ka sa harafinsa a madadin C. Bayan nan ka buɗe hotuna daga bukukuwa daban-daban, tsofaffi da sababbi, ka ga suna fitowa da gaske. Jadawali ya ce an kwafa ba daidai yake da ka gani da ido ba.

Game da ƙofofin bogi: in ka sa Windows ta nuna ɓoyayyun fayilolin tsarinta, za ka ga abubuwa irin su Documents and Settings, Application Data, ko Mes images a cikin Documents, kuma duk sun ce «Accès refusé». Waɗannan ba dosiyoyi ba ne, alamu ne da aka bari tun zamanin Windows Vista don tsofaffin manhajoji su gane sabuwar hanya, kuma da gangan aka hana kowa leƙa su. Ba komai a ciki. Haka System Volume Information, na Windows ne. Na sha ganin mutum ya ɓata yini yana faɗa da su, yana zaton a nan aka ɓoye masa kayansa.

To, a ce ginshiƙin ÉCHEC bai zama sifiri ba. Buɗe C:\ceto.txt ka nemi layukan kuskure. In ka ga kuskure mai lamba 5 a kan wasu fayiloli duk da /B, akwai yiwuwar an rufe su da EFS, tsarin Windows na kulle abin da ke cikin fayil da makulli, kuma wannan ne kaɗai wurin da maganar ke yin nauyi. EFS na samuwa a Windows Pro. Ana kunna shi da alama guda a Propriétés, Avancé, «Chiffrer le contenu pour sécuriser les données», kuma mutane kan danna shi suna neman sa wa dosiye kalmar sirri, su ga bai tambaye su komai ba, su manta. Alamarsa ita ce dosiyen na buɗewa, kana ganin sunayen hotuna da girmansu, wani lokaci da ɗan kwado a jikin gunkin, amma hoton ya ƙi buɗuwa ko da kai ne Propriétaire mai Contrôle total. Don ka tabbatar:

```
cipher /s:"E:\Users\Studio\Pictures"
```

Fayil mai U a gabansa a buɗe yake, mai E an rufe shi. Wanda aka rufe, babu wani gyaran izini da zai buɗe shi, domin abin da ke ciki ne aka hargitsa. Makullin yana cikin tsohon asusunka, a ƙarƙashin AppData na dosiyen Studio ɗin nan, kuma an ɗaure shi da kalmar sirrin da kake shiga tsohuwar kwamfuta da ita. Hanya mafi sauƙi ita ce a mai da diskin cikin wata kwamfuta mai kama da tsohuwar, a tashi tsohuwar Windows ɗin, ka shiga da tsohuwar kalmar sirrinka, ka cire alamar. Kada ka bari mai gyara ya share maka kalmar sirrin da wata manhaja don a shiga da sauri, domin da an yi haka makullin ba ya kwancewa.

Wannan ne ya sa nake adawa da shawarar da ake yawan bayarwa, ta a ɗauki mallakar diski gaba ɗaya tun daga E:\ a share duk izininsa. Wata baiwar Allah mai buga wa ɗalibai takardun kammala karatu ta taɓa kawo mini irin diskinka, bayan wani ya yi masa haka. Yawancin kayanta sun buɗe, amma dosiye ɗaya, mai ayyukan da ba ta miƙa ba tukuna, yana da EFS. Da muka mai da diskin cikin kwamfuta don mu tashi tsohuwar Windows, sai ta ƙi shigar da asusun yadda ya kamata, don an birkita izinin dosiyoyin tsarin da na asusun duka. Fayilolin Windows da yawa mallakar wani asusu ne na musamman mai suna TrustedInstaller, kuma ba a ƙwace su a zauna lafiya. Allah ya taimake ta tana tune da kalmar sirrinta kuma ba a goge AppData ba, muka ciro makullin, amma aikin rabin awa ya ci mana kwanaki, ɗalibai na yi mata sintiri a ƙofa. Tun daga ranar ba na taɓa izinin diskin da ke ɗauke da Windows sai na duba ko akwai mai E.

BitLocker kuwa ba ya rikita mutum haka. Shi diskin duka yake rufewa, ya nemi kalmar sirri ko makullin ceto mai lambobi 48. Tunda Aiki na buɗe maka, ba shi ba ne.

Yanzu a ce kwafi ya kammala, babu mai E, kuma kana son ci gaba da aiki da hotunan a kan diskin nan yadda suke. Sai a zo gyaran izini, a kan dosiyoyin kayanka kaɗai, mataki biyu. Na farko karɓar alƙalami:

```
takeown /F "E:\Users\Studio\Pictures" /A /R /D O
```

/R na shiga duk dosiyoyin ciki. /A na ba da mallakar ga rukunin Administrateurs maimakon asusunka, kuma na fi son haka, don kada gobe ka sake canza kwamfuta a koma gidan jiya. Harafin ƙarshe ka kula da shi. Amsa ce ta «eh» ga tambayar da takeown ke yi, kuma da harshen Windows ɗinka ake ba da ita: O na Oui a ta Faransanci, Y a ta Turanci. A garin nan kwamfutoci iri biyu ne ke yawo, waɗanda suka zo ta Yamai da Faransanci, da waɗanda aka sayo a Kano da Turanci, kuma yawancin abin da mutum zai kwafo daga intanet da Y aka rubuta shi. Ya sa a tasa, ta ƙi, ya ce umarnin ba ya aiki.

Mataki na biyu shi ne rubutun kansa:

```
icacls "E:\Users\Studio\Pictures" /grant "*S-1-5-11:(OI)(CI)M" /T /C
```

S-1-5-11 lambar Utilisateurs authentifiés ce, wato duk wanda ya shiga Windows da asusu. Na rubuta lamba maimakon suna saboda wannan matsala ta harshe: sunan rukunin na canzawa daga Faransanci zuwa Turanci, lambar ba ta canzawa, kuma tauraron da ke gabanta ne ke gaya wa icacls lamba ce. M na nufin a karanta, a rubuta, a goge. (OI)(CI) na sa fayiloli da dosiyoyin da za a ƙirƙira nan gaba su gaji izinin. /T na bin duk abin da ke ciki, /C na cewa in ɗaya ya ƙi a wuce. A ƙarshe zai faɗi nawa ya yi, nawa suka gagara. Daga nan dosiyen zai buɗe a kowace kwamfutar Windows da ka jona shi, taka ko ta wurin wankin hoto, amma a wata kwamfutar sai ka rubuta cikakkiyar hanyarsa, tunda izinin dosiyen Studio na sama bai canza ba.

In kana son yi da linzami, hanya ɗaya ce: Sécurité, Avancé, Modifier a gaban Propriétaire, sa alamar sous-conteneurs, ka rufe tagogin duka, ka sake buɗewa, sannan ka ƙara kanka da izini. Rufewa da sake buɗewar nan ana yawan mantawa da ita. Ni dai na fi son rubutaccen umarni, don yana gaya maka wane fayil ne ya ƙi, kuma ba ya tsayawa yana jiran ka danna wani abu a tsakiyar dare.

In bayan wannan akwai dosiyen da ya ci gaba da ƙi, duba jerinsa ko akwai layi mai Refuser. Hani da aka rubuta kai tsaye a kan dosiye yana rinjayar izini. Wanda ya taɓa hana Tout le monde don ya ɓoye wani abu ya hana har da kansa, domin shi ma cikin kowa yake. Goge layin hanin, sauran zai yi aiki. Compte inconnu kuwa ba ya cutar da komai, kana iya barinsa. In ma akwai ranar da za ka so tashin tsohuwar Windows, barinsa ya fi.

Akwai abin da ya kamata ka ɗauka daga sauƙin wannan aikin. Duk wanda ke da ikon administrateur a kowace kwamfuta zai iya yi wa diskinka abin da muka yi yanzu, kuma in an jona shi a Linux galibi ko kallon takardar izinin ba a yi. Izinin NTFS na raba masu amfani da kwamfuta guda ne, ba ya tsare diskin da ya bar hannunka. Kai kuma hotunan matan mutane da ƴaƴansu ne a wurinka, na kamu da na cikin gida, waɗanda aka yarda ka ɗauka don an amince da kai. In diskin zai riƙa fita daga shago, BitLocker ne kwadon gaskiya, da sharaɗin ka rubuta lambobi 48 ɗin nan a takarda ka aje a gida. Haka kuma abin da na koya maka don kayanka ne. In wani ya kawo maka diski ya ce a buɗe masa dosiyen wani, ka tambayi na wane ne.

Shawarata a kan diskin kansa: kada ka daɗe kana aiki a cikin Users\Studio. Ka bar shi yadda yake na wata ɗaya ko biyu, har ka tabbata ba abin da ka manta, irin su kayan da ke Desktop ko ajiyar manhajar da kake gyaran hoto da ita, wadda kan zauna a AppData. In ka tabbata kana da kwafi biyu a wurare biyu, a lokacin ne format ke da amfani, don zai kawar da tsohuwar Windows da ke cin wuri ya ba ka diski mai tsabta. A nan za ka zaɓa. exFAT ba shi da takardar izini sam, don haka wannan matsalar ba za ta sake tasowa ba, yana aiki a Windows da Mac, kuma yana ɗaukar bidiyon da ya wuce jiga 4, wanda FAT32 ba ya iyawa. Rauninsa shi ne ba ya riƙe littafin abin da yake cikin rubutawa, don haka in wuta ta ɗauke ko an fizge igiya yana tsakar aiki ya fi saurin rikicewa. NTFS na riƙe wannan littafin. Ga mai aiki da Windows kaɗai, a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, ni NTFS zan zaɓa, in ba S-1-5-11 izini a bakin diskin tun yana fanko, da layin icacls ɗin nan na sama, ka sa E:\ a wurin hanyar amma ba tare da alamun zance a gefenta ba. Duk abin da ka zuba daga baya zai gaji wannan izinin.

In ka gudanar da robocopy ka ga ÉCHEC bai zama sifiri ba, turo mini layukan kuskuren da ke cikin ceto.txt yadda suke, da lambar da ke jikin kowanne. Lamba 5 maganar izini ce ko EFS, lamba 23 kuwa diskin ne ya kasa karanta wurin, kuma abin da za mu yi a kan kowanne daban ne.